Mitar inbata na nuna am 0.1 babu kaya a kai: ƙarin bit zai warkar da ita?

Sadiq Rigasa: Assalamu alaikum. Iyayena da yayyena na wannan zaure, ina neman shawara kafin in kashe kuɗi. Na haɗa mitar karant don inbata ta gida da Arduino Uno da sansa ACS712 mai am 30. In na jona dutsen guga tana bayar da lissafi mai kyau. Amma in na cire komai, ko kwan fitila babu, sai ta tsaya a kan am 0.1 ta ƙi sauka. A `Serial Monitor` lambobin suna yawo tsakanin 508 da 515. Wani abokina ya ce laifin ADC ɗin Uno ne, wato ɓangaren da ke mayar da bolt zuwa lamba, tunda bit 10 kawai gare shi, in sayi ADS1115 mai bit 16. Haka ne?

Oga Nura Panteka: Wa alaikumus salam, ƙanina. Abokinka ya faɗa maka gaskiya. Ƙa'ida ce sananniya, kowane bit ɗaya da ka ƙara, desibel 6 ka ci. Daga 10 zuwa 16 bit shida ke nan, shida sau shida 36. Hayaniyar za ta ragu ninki 64. Je ka saya, ba ta da tsada.

Baba Iro Mai Sauti: Allah ya kawo ni kan gaɓa. Ni ma ciwon da ke damuna ke nan. Makon jiya na ɗauki karatu a wani masallaci a Tudun Wada, da na dawo gida na saurara sai ga wani gurnani a ƙarƙashin muryar malam daga farko har ƙarshe. Yaran shago sun ce don na bar rikoda a bit 16 ne. Yanzu in na mayar 24 gurnanin zai tafi?

Injiniya Hauwa: Sadiq, riƙe kuɗinka tukuna. Oga Nura, desibel 6 ɗin nan gaskiya ne, amma a kan hayaniya iri ɗaya tak yake aiki, kuma ban tabbata ita ce ke damun yaron nan ba. Baba Iro, ina zuwa kan naka, ka yi mini haƙuri kaɗan.

Bari mu fara da abin da Uno ke yi. Yana raba bolt 5 gida 1024, saboda haka kowane mataki milibolt 4.88 ne. Duk abin da ya shigo tsakanin mataki biyu dole a jingina shi ga ɗaya daga cikinsu, kuma ɗan abin da aka ƙara ko aka rage wajen jinginawar shi ne kuskuren. In ana jinginawa ga mafi kusa, kuskuren ba ya wuce rabin mataki sama ko ƙasa, wato milibolt 2.44. Lambobinka kuwa suna yawo daga 508 zuwa 515, faɗin mataki bakwai. Jinginawa ba ta iya yin wannan. Abu ne ke girgiza tun kafin ya iso ƙafar `A0`.

Jamila Kawo: Anti Hauwa, tunda an taɓo nan, don Allah ki warware mini wani abu. A aji an ba mu `Δ²/12` a matsayin ƙarfin hayaniyar mataki, Δ shi ne faɗin mataki ɗaya, mun haddace, amma har yau ban san inda 12 ta fito ba. In kuskuren rabin mataki ne, me ya sa ba `Δ²/4` ba?

Injiniya Hauwa: Da a ce kullum kuskuren yana kan iyakarsa, da 4 ɗin ce daidai. To ba kullum yake can ba. In sigina tana hawa tana sauka tana tsallake matakai da yawa, wani karatun kuskurensa kusan sifili ne, wani kwatan mataki, wani rabi, kuma babu wajen da ya fi wani samun rabo. Abin da muke nema shi ne matsakaicin kuskuren bayan an ninka shi da kansa, don shi ne ƙarfin hayaniya.

Ki gwada da hannu. Ɗauki lambobi a jere daga sifili zuwa ɗaya: 0.1, 0.3, 0.5, 0.7, 0.9. Ninka kowace da kanta: 0.01, 0.09, 0.25, 0.49, 0.81. Jimilla 1.65, raba biyar, 0.33. Kashi ɗaya cikin uku ke nan. Ƙananan suna ƙara ƙanƙancewa in an ninka su, shi ya sa matsakaicin bai kai rabi ba. To iyakar kuskurenmu rabin mataki ce, ninkinta da kanta `Δ²/4`, sulusin wannan kuma shi ne amsar:

```
Pq = (1/3)·(Δ/2)² = Δ²/12
Vq = Δ/√12 ≈ 0.289·Δ
```

Ga Uno ɗin Sadiq, 4.88 sau 0.289 ya ba da milibolt 1.41. Wannan ita ce hayaniyar mataki gaba ɗayanta. W. R. Bennett na Bell Labs ya yi nazarin wannan tun 1948, kuma tun a lokacin da sharaɗi ya zo: matakan su zama ƙanana, siginar kuma ta riƙa ratsa su da yawa.

Jamila Kawo: Wallahi yau na ga 12 da idona. To shidan fa?

Injiniya Hauwa: Ƙarin bit ɗaya yana raba mataki biyu. Tunda ƙarfin hayaniyar yana bin matakin da aka ninka da kansa, sai ya koma kwata. Kwata a lissafin desibel shi ne `10·log10(4) = 6.02`. In kika ɗauki sigina mai siffar sayin da ta cika ma'aunin daga ƙasa har sama, tsayinta rabin ma'auni ne, ƙarfinta kuma shi ne a ninka tsayin da kansa a raba biyu. Raba shi da `Δ²/12` sai ki samu yadda sigina ta ninka hayaniya, N shi ne yawan bit:

```
SNR = 1.5 · 4^N
SNR(dB) = 6.02·N + 1.76
```

1.76 ɗin ba komai ba ne illa 1.5 da aka mayar desibel. Bit 10 ya ba da kusan 62, bit 12 ya ba da 74, bit 16 irin na faifan CD ya ba da 98.

Oga Nura Panteka: To ai kin dawo kan maganata, Injiniya. 98 a cire 62, saura 36.

Injiniya Hauwa: A takarda, Oga. Abu biyu ne suka hana. Na farko ƙarami ne: ADS1115 yana raba bit 16 ɗinsa tsakanin ɓangaren ƙari da na ragi. Sansar Sadiq tana zama a bolt 2.5 tana iya haurawa sama da bolt 4, don haka ma'aunin `±6.144 V` zai zaɓa, inda mataki yake maikurobolt 187.5. In ka gwama da milibolt 4.88, ninki 26 ne, ba 64 ba. Desibel 28 ke nan.

Na biyu shi ne babba, amma gara Sadiq ya auna da kansa a maimakon mu yi ta musu. Sadiq, cire duk kaya daga sansar, ka sa wannan ka faɗa mana abin da ya fito. Amsar a lissafin mataki take.

```
long s = 0, q = 0;
for (int i = 0; i < 2000; i++) {
  int x = analogRead(A0) - 512;
  s += x;  q += (long)x * x;
}
float m = s / 2000.0;
Serial.println(sqrt(q / 2000.0 - m * m), 2);
```

Baba Iro Mai Sauti: Ina nan dai ina jira, 'yata. Jibi ina da ɗaurin aure a Unguwar Sanusi.

Injiniya Hauwa: Afuwan, Baba. Gurnanin nan murya ɗaya yake riƙewa, mai kauri, kamar taransifoma? Yana nan ko malam ya yi shiru?

Baba Iro Mai Sauti: Kamar kina wurin. Da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta ma sai ya ƙaru.

Injiniya Hauwa: To wannan wutar 50 Hz ce ke shiga ta waya, ko dai ta wayar makirfo marar kariya, ko kuma miksa da rikoda suna kan soket daban-daban. Bit 24 zai ɗauko maka gurnanin ne da kyau, ba zai cire shi ba. Ka sa rikodar a kan batir ka ji ko zai ɓace, ka kuma raba wayar makirfo da wayar wuta. Hayaniyar mataki ta bit 16 tana can ƙasa da desibel 98 daga saman ma'auni, fankar masallaci ma ta fi ta ƙara nesa ba kusa ba.

Inda 24 ke da amfani a aikinka shi ne sarari. In ka rage ƙarfin ɗauka don kada kabbara ta fasa ma'auni, duk desibel 6 da ka bari a sama bit ɗaya ne ka ajiye bai yi aiki ba. Ka bar 18, ka ajiye bit uku, 98 ya koma 80. Da 24 ba za ka damu da wannan ba. Amma 146 da lissafi ke bayarwa babu na'urar da ke kai shi, mafiya kyau kan tsaya wajen 120 da 'yan kai, saboda hayaniyar kayan cikinta ta riga ta rufe ƙananan bit ɗin.

Baba Iro Mai Sauti: Allah ya yi albarka. Zan gwada batir. Amma 24 ɗin dai zan bar shi a kai, hankalina ya fi kwanciya.

Sadiq Rigasa: Anti, na gwada. Yana ba da 1.43, wani lokaci 1.41, wani lokaci 1.45.

Injiniya Hauwa: Madalla. 1.43 sau 4.88 milibolt 7.0 ke nan. Sansarka tana ba da milibolt 66 a kowane am, to raba 7.0 da 66 ka gani.

Sadiq Rigasa: 0.106! Ai shi ne am 0.1 ɗin da ya ƙi sauka.

Injiniya Hauwa: Shi ne. Kod ɗinka yana lissafin `rms`, kuma shi bai san bambancin karant da hayaniya ba, duk abin da ke motsi ƙirga shi yake yi. Yanzu sai mu tambaya, cikin 7.0 ɗin nan nawa ne rabon ADC? A nan mutane ke zamewa. Hayaniyoyin da ba su da alaƙa da juna ba a tara su kai tsaye, ƙarfinsu ake tarawa. 7.0 sau kansa 49. Na mataki, 1.41 sau kansa, kusan 2. Saura 47, wanda tushensa 6.86 ne, kuma wannan daga sansa da wayoyi da wutar da ke ciyar da su yake zuwa. Ko da za a ba ka ADC mai bit dubu wanda ba shi da kuskure ko kaɗan, in dai yana ɗaukar samfur yadda Uno ke ɗauka, daga 7.0 za ka sauka zuwa 6.86. Mitarka ta bar 0.106 ta koma 0.104. Ribar ba ta kai desibel 0.2 ba.

Tela ne ke awon yadi a waje iska na kaɗa shi. Ko ka ba shi tef mai layukan da suka fi gashi siranta, awon ba zai zauna ba sai an danne yadin.

Oga Nura Panteka: Ranki ya daɗe, lissafinki ban da ja a kai. Amma ni da hannuna na sa ADS1115 a kan irin wannan sansar a wata caja ta sola, lambobin suka kwanta lif. Wannan ba labari aka ba ni ba.

Malam Bitrus Sabon Tasha: Nura, na yarda ka gani, amma ba bit ne ya yi maka aikin ba. ADS1115 irin delta-sigma ne, a cikinsa yana ɗaukar samfur da yawa ya tace su kafin ya miƙo maka lamba ɗaya. In ka bar shi yadda ya zo, lamba 128 yake bayarwa a daƙiƙa. Tacewar ce ta share hayaniyar sansa. Kai karant ɗin batir kake aunawa, wanda ba ya sauri, sai abin ya yi maka daidai. Yaron nan wutar 50 Hz yake bi. Iyakar gudun ADS1115 860 ne a daƙiƙa, kusan samfur 17 a kowane zagaye. In inbatarsa ba mai tsantsar sayin ba ce, ko kayan da ke kai irin caja da talabijin ne masu jan karant tsinin-tsinin, zai rasa wani ɓangare na abin da yake son aunawa.

Oga Nura Panteka: To ko ta wace hanya, ai ta yi aiki. Mai kaya sakamako yake so.

Malam Bitrus Sabon Tasha: In tacewa ce maganin, kapasita ɗaya ta isa, ba sai ya sayi sabon allo ba. Sadiq, duba ƙafa ta 6 a jikin ACS712, wadda aka rubuta wa `FILTER`. Yawancin allunan kasuwa `1 nF` suke sa mata, wanda ya bar ƙofa a buɗe har 80 kHz. A ciki akwai rasisto na kusan `1.7 kΩ`. In ka ɗora `47 nF`, ƙofar ta rufe zuwa wajen 2 kHz, ninki 40 ƙasa, kuma har yanzu ta ninka 50 Hz sau 40. Irin wannan hayaniyar tana raguwa ne da tushen faɗin ƙofar, tushen 40 kuwa 6.3 ne, to ina sa ran 6.86 ya koma wajen 1.1. Takardar kamfanin ma milibolt 7 daga ƙasa zuwa sama ta rubuta wa mai am 30 da wannan kapasitar, in ka raba da shida da ɗoriya nan za ka faɗo.

Sadiq Rigasa: Zan ciro ɗaya daga tsohon allon rediyo in liƙa da daddare, in sha Allah.

Sadiq Rigasa: Jama'a barkanmu da yamma. Alhamdu lillah, aiki ya yi. Da safe na gwada, lambar ta tsaya cak a 511, jefi-jefi take taɓa 512 ko 510, kod ɗin Anti ya ba da 0.18. Hayaniya ta mutu, har ta yi ƙasa da 0.289 da aka ce ita ce ta mataki! Sai dai ɗazu da rana na sake gwadawa ya ba da 0.49, tana ta tsalle tsakanin 511 da 512. Ko liƙin ne bai kama ba?

Injiniya Hauwa: Liƙinka lafiya lau. Kuma hayaniyar ba ta mutu ba, ɓuya ta yi. Ka shigo daidai wurin da `Δ²/12` ya daina aiki. Ka tuna sharaɗin, sai sigina tana ratsa matakai da yawa. Yanzu girgizar da ta rage milibolt 1.1 ce, ba ta kai kwatan mataki ba. Da safe sifilin sansarka ya zauna a tsakiyar mataki na 511, girgizar ba ta isa ta fitar da shi ba, sai lamba ta tsaya. Kuskuren yana nan, amma ya zama abu ɗaya da ba ya motsi, kod ɗin kuwa motsi kawai yake gani. Da rana zafi ya ɗan tura sifilin, ko wutar bolt 5 ta ɗan canja, ya koma bakin iyakar 511 da 512. A nan ko ƙaramar girgiza sai ta jefa shi nan ko can, rabi da rabi, wanda ke ba da 0.5. Don haka babu kaya a kai za ka riƙa ganin wani abu tsakanin am 0.01 da 0.04 gwargwadon inda sifilin ya kwana, kuma ba lalacewa ba ce.

Jamila Kawo: Ke nan in batir nake aunawa, lamba ta tsaya a wuri ɗaya, ko na tara karatu dubu na raba ba abin da na ƙaru da shi?

Injiniya Hauwa: Ko kaɗan. Dubun duka kuskure ɗaya suke ɗauke da shi. Tarawa tana amfani ne in akwai girgizar da ta kai wajen rabin mataki zuwa mataki guda, har masu ƙira kan zuba ta da gangan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, Oga Nura, shi ne yanzu ne maganarka ta fara samun ƙafa. Da kaya a kai, sigina na ratsa matakai, hayaniyar Sadiq ita ce 1.1 ta sansa da 1.41 ta mataki, a haɗe 1.8. Yanzu ta mataki ce babba. Ƙarin bit ɗaya zai mayar da 1.41 zuwa 0.70, jimilla ta koma 1.3, ribar desibel 2.7. Bit na biyu ya kai ta 1.15, ƙarin desibel ɗaya da ɗan kai. Daga nan duk bit ɗin da za a ƙara, a haɗa su gaba ɗaya, ba za su ba da rabin desibel ba, don 1.1 ta sansa ba ta san da zamansu ba. Bit 12 ya ishe wannan sansar.

Oga Nura Panteka: Ai dama na ce a ƙara bit.

Malam Bitrus Sabon Tasha: Biyu, ba shida ba. Kuma biyun ma ina ganin zai samu ɗaya kyauta. Uno na ɗaukar kusan samfur 9,600 a daƙiƙa. Ya tara huɗu-huɗu ya raba, ƙarfin hayaniyar mataki ya koma kwata, desibel 6 ke nan, bit ɗaya cif. Saura samfur 2,400 a daƙiƙa, 48 a kowane zagaye, ya fi 17 nesa.

Injiniya Hauwa: A nan ban bi ka duka ba, Malam. Kwatan nan yana samuwa ne in kuskuren samfur huɗun ba su san juna ba. Ɗauki fankar silin mai jan am 0.33. A sansar nan milibolt 22 ne, tsininsa 31, wato mataki shida da ɗan kai sama da ƙasa. A inda siginar ta fi gudu ma, kashi ɗaya cikin biyar na mataki take matsawa tsakanin samfur da samfur. Huɗun za su iya faɗawa cikin mataki ɗaya da kuskure kusan iri ɗaya. Ga dutsen guga dabararka za ta yi, amma shi dama ba ya buƙata. Ƙananan kaya ne matsalar, kuma a nan take rauni.

Malam Bitrus Sabon Tasha: Girgizar 1.1 ɗin za ta ɗan warwatsa su. In ba ta isa ba ya sauka zuwa `10 nF`, ta ƙaru zuwa wajen rabin mataki, tarawar ta share ta daga baya.

Injiniya Hauwa: Ka ƙara hayaniya ninki biyu don ka rage wata ninki biyu. Zai iya fitowa da riba, zai iya tashi a tutar babu. Ban isa in yanke daga nan ba, sai an auna.

Sadiq Rigasa: To in canja sansar fa? Na ga mai am 5 tana ba da milibolt 185 a kowane am, kusan ninki uku.

Injiniya Hauwa: Tunaninka ya tafi daidai, domin 62 ɗin nan na siginar da ta cika ma'auni ne. Am ɗaya a sansarka milibolt 66 ne kacal cikin 1,768 na `rms` da Uno zai iya ɗauka, ka zubar da desibel 28 da rabi tun kafin a fara, saura 33. Mai am 5 za ta dawo maka da desibel 9 a kan hayaniyar mataki, bit ɗaya da rabi ba tare da ka taɓa ADC ba. Hayaniyarta ita ma ninki uku ce, saboda haka in ka mayar lissafin am hayaniyar sansar ba ta motsa ba, tana nan wajen 0.017. Amma inbatarka nawa ce?

Sadiq Rigasa: 1.5 kVA ce, Anti.

Oga Nura Panteka: To manta da mai am 5. A bolt 230 wannan am 6.5 ne, tsininsa ya haura 9, ban da fizgar firji in zai tashi. Mai am 20 ita ce taka, milibolt 100 take bayarwa. Ina da guda biyu a shago, ka biyo ta Panteka gobe bayan azahar ka karɓi ɗaya. Ka taho da allon naka da kapasita `10 nF`, akwai fanka a nan, mu gwada na Malam Bitrus da na Injiniya mu turo lambobin.

Jamila Kawo: Oga, in an yarda ni ma zan zo da kwamfuta. Sadiq, ka sa kod ɗin ya adana ɗanyun lambobin kafin a tara su, ba amsar ƙarshe kawai ba, don mu ga sau nawa huɗun ke faɗawa mataki ɗaya.